Kalma da Danginta da Abokan Tafiyarta

Bahaushe yana shan ruwa, yana shan iska, yana shan wahala, yana shan kaye a filin kokawa. Yana cin tuwo, yana cin kasuwa, yana cin bashi, yana cin amana, in ya yi sa'a kuma ya ci jarrabawa. Baƙon da ya buɗe ƙamus ya ga ma'anar "sha" da ma'anar "ci", ya haddace su, zai ɗauka ya gama da waɗannan kalmomi biyu. Ranar da ya buɗe baki ya ce wane ya sha amana, ko ya ce za shi bakin gulbi ya ci iska, ko yaron goye sai ya gane ba ɗan gida ba ne. Bai faɗi kalmar da babu ita a Hausa ba, bai kuma karya nahawu ba. Ya dai haɗa kalmomin da ba sa tafiya tare.

Mu da ke aikin rediyo a Nijar kullum muna cikin wannan. Sanarwar gwamnati da Faransanci take zuwa, mu kuma mu juya ta Hausa kafin lokacin labarai. Idan takarda ta ce *prendre des mesures*, sai mu ce an ɗauki matakai, magana ta zauna daidai. Layi biyu a ƙasa sai ga *prendre une décision*, da aikatau ɗin nan dai na ɗazu. Wanda ya bi kalma da kalma zai ce minista ya ɗauki shawara, alhali a kunnen mai sauraro a Tasawa ko Madawa, ɗaukar shawara na nufin wani ne ya ba ministan shawara shi kuma ya karɓa. Abin da ake nufi shi ne ya yanke shawara. Tun muna makarantar koyon aikin jarida ake nuna mana irin wannan, amma masu sauraro su ne malaman gaske, domin ba sa buƙatar sanin sunan kuskuren kafin su ji shi.

Na kawo wannan ne saboda ƙannenmu da ke shirin jarrabawar Ingilishi ta IELTS don neman gurbin karatu a waje. Da yawansu suna samun abin da suke so a sauraro da karatu, sai rubutu ya tsaya musu a maki 6 ko 5.5, alhali jami'ar da suke nema tana son 6.5 ko 7. Maganin da kusan kowa ke fara nema shi ne jerin kalmomi: shafi bayan shafi, kalmar Ingilishi a hagu, fassararta ta Faransanci a dama. Ni a ganina wannan jeri shi ke cinye lokacin da ya kamata a kashe a kan abu biyun da mai gyaran takarda yake dubawa, wato dangin kalma da abokan tafiyarta.

Bari in fara da yadda ake ba da makin, domin nan ne hujjar take. Sashen rubutu minti 60 ne, aiki biyu. Na farko aƙalla kalma 150, a jarrabawar masu neman jami'a yawanci bayanin wani jadawali ko zane. Na biyu muƙala ce ta aƙalla kalma 250, kuma nauyinta ya ninka na farkon. Kowane aiki ana auna shi da ma'auni huɗu masu nauyi ɗaya: amsa abin da aka tambaya, tsari da haɗin magana, kalmomi, da nahawu. Ma'aunin kalmomin sunansa a takardar *Lexical Resource*, kuma bayanin matakansa a fili yake a shafin masu jarrabawar, kowa na iya karantawa. Abin da ya kamata ɗalibi ya lura da shi shi ne bambancin mataki na 6 da na 7. A mataki na 6 an yarda mutum yana da kalmomin da suka ishe shi, yana ma ƙoƙarin kawo waɗanda ba a cika amfani da su ba, sai dai yana kuskure a wurin sa su. A mataki na 7 kuwa ana so a ga ya fara sanin salo da kuma abin da suka kira *collocation*, wato wace kalma ce ke tafiya da wace, kuma kurakuransa na zaɓen kalma da ƙirar kalma su zama jefi-jefi. Babu inda aka ce a ƙirga manyan kalmomi. Wanda ya haddace kalma dubu ya zuba su ba a muhallinsu ba, ya zana wa mai gyara hoton ɗan mataki na 6 ne da hannunsa.

Akwai wata ƴar baffana, ma'aikaciyar jinya, da ke neman digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma. Ta zauna jarrabawar sau ɗaya, rubutu ya ba ta 6, ana neman 6.5. Kuɗin jarrabawar ba ƙanana ba ne ga mai albashin asibiti, kuma lokacin rufe karɓar takardu saura wata huɗu. Da yake na taɓa zama jarrabawar, kuma ina fassara labarai daga Ingilishi a wurin aiki, sai ta kawo mini littafinta na rubutu. Ta ce, "Yaya, kalma ta fi ɗari shida a nan, kuma duk wadda ka tambaye ni zan gaya maka ma'anarta." Gaskiya ta faɗa, na gwada ta. Sai na ce ta rubuta mini sakin layi ɗaya a kan rashin aikin yi tsakanin matasa, batun da ke yawan fitowa a irin waɗannan muƙaloli. Jimlarta ta farko ita ce:

*Unemployment is a ubiquitous problem that makes big damages to the economic of the country.*

Duk wanda ya karanta zai gane abin da take nufi, shi ya sa ba ta faɗo ƙasa da 6 ba. Amma a cikin wannan jimla ɗaya akwai tuntuɓe huɗu, kuma ba wanda rashin sanin ma'ana ya jawo.

Na farko *ubiquitous*, wadda ta fito kai tsaye daga jerinta, da fassarar "abin da ke ko'ina". Masu harshen sun fi sa ta ga abin da ido ke cin karo da shi duk inda aka juya, kamar wayar hannu ko allon talla. Abokiyar tafiyar matsala irin rashin aiki ita ce *widespread*, kalma mai sauƙi da ta sani tun tuni amma ta raina. Na biyu *makes*. A Faransanci ana cewa *faire des dégâts*, a Hausa ma "yi ɓarna" muke cewa, to harsuna biyu suna tura hannunta zuwa aikatau na "yi". Ingilishi kuwa *cause damage* yake cewa, ko *do damage*. Na uku ƙarin harafin jam'i a ƙarshen *damage*. Ɓarna a Ingilishi ba ta da jam'i, kuma idan aka ƙara mata wannan harafi sai ta koma wata kalma ta kotu, wato diyyar da alƙali ke sa a biya. Na huɗu *economic*, wadda sifa ce, an ajiye ta a kujerar suna. Sunan shi ne *economy*. Da muka gyara, jimlar ta koma:

*Unemployment is a widespread problem that causes serious damage to the economy.*

Ta dubi jimlar ta ce, "Amma Yaya, ai wannan ba ta da wata babbar kalma ko ɗaya." Haka ne, kuma ta fi ta farko daraja a ma'aunin, domin duk haɗin da ke cikinta haɗi ne da mai gyara ya saba ji. Biyu daga cikin kurakuran nata na abokan tafiya ne, biyu na ƙirar kalma ne. Jerin kalmomi mai fassara ɗaya ba ya koyar da ko ɗaya daga cikinsu.

Maganar dangin kalma ba baƙuwa ba ce ga mai jin Hausa, ko da bai taɓa jin an ba ta suna ba. Daga "karanta" muke samun karatu, makaranta, makaranci, karantarwa. Daga "sani" muke samun masani, sananne, sanarwa. Yaro ba ya koyon waɗannan a matsayin kalmomi bakwai daban-daban, yana jin saiwar a cikin kowace, yana kuma sanin cewa "ma" a farko da "i" a ƙarshe na nuna mai yin abu. Ingilishi ma haka yake, sai dai yawancin alamominsa a ƙarshen kalma suke. Gidan da ƴar baffana ta yi tuntuɓe a ƙofarsa yana da *economy*, tattalin arziki, da *economic*, abin da ya shafi tattalin arziki, da *economist*, masaninsa, da *economics*, fannin karatun, da *economically*, sannan da *economical*. Wannan ta ƙarshen tarko ce ga duk wanda ya yi makarantar Faransanci, domin *économique* ɗaya ce ke ɗaukar ma'ana biyu a can. A Ingilishi an raba su: *economic growth* bunƙasar tattalin arziki ce, *an economical car* kuwa mota ce da ba ta shan mai. Wanda ya rubuta *economical growth* ya ce bunƙasa mai tsimi, abin da ba shi da ma'ana.

Wannan ya kai ni ga iyakar da dole a sani game da dangi, tun kafin mutum ya ɗauka duk ƴan gida ɗaya halinsu ɗaya. A Hausa "gajiya" kowa na yi, amma "gajiyayye" ba wanda ya dawo daga gona a gajiye ba ne, mutum ne da rayuwa ta kayar, wanda ake ba sadaka. Haka *consider* ke nufin yin la'akari, *considerable* ke nufin mai yawa, *considerate* kuma mai kula da halin wasu. Saiwa ɗaya, hanya uku. Saboda haka sanin ƙa'idar ƙira ba ya isa a ce mutum ya zauna yana ƙera kalmomi da kansa. Kowane ɗan gidan sai an gan shi a cikin jimla ta gaske kafin a amince da shi, kuma ba kowane ne ya cancanci wahala ba. A gidan tattalin arziki, uku ne ɗalibi zai yi ta buƙata a muƙala: sunan, sifar, da bayanau. Sauran ya san su don kada su ruɗe shi.

Abin mamaki shi ne shahararren jerin da ɗalibai ke kwafa ma asalinsa jerin dangi ne. Averil Coxhead ta jami'ar Victoria da ke Wellington a ƙasar New Zealand ta fitar da shi a shekarar 2000, sunansa *Academic Word List*. Ta tattara rubuce-rubucen jami'a na kimanin kalma miliyan uku da rabi, ta fitar da gidaje 570 da suka fi yawan fitowa a fannoni daban-daban, ta kasa su rukuni goma bisa yawan fitowarsu. Rukuni tara na farko kowanne gida 60 ne, na goma 30. Waɗannan gidaje suna ɗaukar kusan kashi goma cikin ɗari na kalmomin rubutun jami'a. To amma idan jerin ya iso hannun ɗalibi ta waya, galibi an yanke dangin an bar shugaban gida shi kaɗai da fassara a gefensa. Wanda ke da wata huɗu ba ya buƙatar duka 570. Rukunin farko kaɗai, inda ake samun irin su *economy*, *research*, *benefit*, *policy*, *income* da *significant*, ya isa ya cika masa wata biyu in zai yi aikin yadda ya kamata.

Ga yadda muka yi aikin. Mun ajiye tsohon littafin, muka buɗe sabo, kowane gida shafi guda. A saman shafi ƴan gidan da za a buƙata, kowanne da alamar ko suna ne, ko aikatau, ko sifa. A ƙasa kuma tambayoyi uku game da sunan, domin a rubutun muƙala suna shi ne turken da sauran ke ɗaure a jikinsa. Wane aikatau ne ke zuwa gabansa? Wace sifa ce ke raka shi? Wane ƙaramin harafi ne ke bin sa? Ɗauki *research*, wadda ita ma ta ba ta wahala, domin ta rubuta *make researches* bisa sawun *faire des recherches*. Amsar tambaya ta farko ita ce *carry out*, *conduct* ko *do*. Ta biyu *recent*, *further*, *extensive*. Ta uku *into* ko *on*. Sai a ƙara gargaɗi da jan biro cewa a rubutun yau da kullum ba a yi mata jam'i. A ƙarshen shafin sai ta rubuta jimla biyu nata na kanta, a kan abin da ta sani, misali binciken zazzaɓin cizon sauro a lokacin damina. Ba fassarar Faransanci ko ɗaya a shafin, sai inda akwai tarko.

Gida biyar a mako muka tsayar, ba ƙari. Da farko ta ga abin ya yi kaɗan, ita da ta saba haddace kalma ashirin a dare ɗaya. Amma in aka lissafa, gida ɗaya yana ba da ƙira uku ko huɗu da haɗi shida zuwa takwas, wato a mako ana samun guntayen magana talatin zuwa arba'in da za a iya ɗauka a dasa a cikin jimla yadda suke. Kalma ashirin ɗin dare ɗaya kuwa, ko an tuna su, kowace sai an tsaya an yi mata cacar abokin tafiya a ɗakin jarrabawa, agogo na tafiya.

Mun kuma zaɓi gidajen ne bisa batutuwa, ba bisa jerin baƙaƙe ba. Tambayoyin aiki na biyu suna yawan zagayawa a kan ilimi, lafiya, muhalli, aiki, fasaha, birni da ƙauye, da aikata laifi. Makon aiki, sai gidan *employ* ya zo da *employer*, *employee*, *employment*, *unemployed*, tare da haɗe-haɗen da ke kewaye da shi: *create jobs*, *reduce unemployment*, *a high unemployment rate*. Amfanin wannan shi ne a ƙarshen mako ana iya rubuta muƙala guda da za ta tilasta amfani da abin da aka koya tun yana da ɗumi. Kalmar da aka koya ba a rubuta ta cikin kwana bakwai ba, a abin da na gani, komawa take cikin waɗanda ake ganewa in an gani amma ba sa zuwa in an kira su.

A aiki na farko, na bayanin jadawali, ribar dangi ta fi fitowa fili. Ana so mutum ya faɗi hawa da sauka sau da yawa ba tare da ya yi ta maimaita jimla iri ɗaya ba. Masu jeri sukan nemo kalmomi goma masu ma'anar "ƙaru", har da waɗanda ba a faɗa sai farashi ya yi tashin gwauron zabo, su sa su a kan ƙarin kashi biyu cikin ɗari. Alhali gida ɗaya ya isa ya ba da ƙira biyu: *prices increased sharply*, da kuma *there was a sharp increase in prices*. Aikatau ya koma suna, bayanau ya koma sifa, ƙaramin harafin *in* ya shigo. Wannan juyi ɗaya yana nuna wa mai gyara iko da kalma, yana kuma nuna masa iko da ginin jimla, wato ma'auni biyu a lokaci guda. A nan ma akwai abin lura: *an increase in prices* na faɗin abin da ya ƙaru, *an increase of ten per cent* na faɗin yawan ƙarin. Musanya waɗannan ƙananan haruffa biyu na cikin kurakuran da na fi gani a takardun ƙannenmu.

Tambayar da ke biyo baya ita ce ina mutum zai san abokan tafiyar kalma, tunda ba a cikin masu harshen yake zaune ba. Akwai ƙamus da aka yi musamman don wannan, *Oxford Collocations Dictionary*, wanda ba ya ba da ma'ana sai dai ya jera aikatau da sifofi da haruffan da ke tafiya da kowace kalma. Ƙamusoshin masu koyo na Longman da Cambridge da ke kyauta a intanet su ma suna nuna haɗe-haɗen a cikin misalansu, sau da yawa da baƙin rubutu mai kauri, wanda ɗalibai ke tsallakewa su tafi ga ma'ana. Akwai kuma wani shafi na kyauta mai suna SKELL, inda za ka rubuta kalma ya kawo maka jimloli na gaske da kalmomin da suka fi raka ta. Wasu sukan sa haɗin tsakanin alamun zance a Google su ga ko zai fito. Wannan dabara tana da rauni, domin intanet cike take da rubutun masu koyo irinmu, kuma *make researches* ma za ta fito da dubban sakamako. In za a yi haka, a dubi su wa suka rubuta, ba yawan sakamakon ba.

Hanyar da na fi so, wataƙila saboda sana'ata, ita ce labarai. A ɗauki rahoto ɗaya gajere na BBC ko wata jarida mai editoci, a karanta shi sau ɗaya don ma'ana, a sake karantawa da biro ana ja wa haɗe-haɗe layi, ba kalmomin da ba a sani ba. Abin da ɗalibi zai tarar shi ne yawancin abin da ya ja wa layi kalmomi ne da ya sani ɗaya-ɗaya amma da bai taɓa haɗa su haka ba. Ya san *raise*, ya san *awareness*, amma in aka ce ya faɗi "wayar da kai" da Ingilishi sai hannunsa ya tafi ga *sensibiliser* ya yi mata kwaskwarima. Ya san *heavy*, ya san *rain*, amma ruwan sama mai ƙarfi sai ya fito masa *strong rain*, domin Hausa da Faransanci duk ƙarfi suke ba ruwan, Ingilishi kuwa nauyi yake ba shi. Mu da muke shan magani, Ingilishi *take medicine* yake yi, ko da na ruwa ne. Mai harshe uku yana da ƙofa biyu da kuskure zai shigo masa, don haka na sa ta ware shafuka a bayan littafin don irin waɗannan wurare kaɗai, inda Hausa ko Faransanci ke jan hannu zuwa wani wajen. Shafukan ba su wuce huɗu ba, amma su ta fi komawa kansu.

Yadda ake gane ko aikin yana ci shi ma ba wuya. A ɗauki muƙalar da aka rubuta cikin minti 40, a ja layi a ƙarƙashin kowane aikatau da sunan da ya biyo shi, da kowace sifa da sunanta. A muƙala mai kalma 250 za a sami irin waɗannan wurare ashirin ko fiye. A duba kowanne a ƙamus, a ƙirga nawa ne babu su. Sannan a sake bi ana duba ƙarshen kalmomi: wannan kujerar suna ce ko ta sifa, kuma wanda ke zaune a kai shi ne mai ita? A muƙalarta ta farko mun ƙirga haɗi tara da ba su zauna ba, da ƙira biyar da suka kauce. Bayan mako shida haɗin ya sauko zuwa uku, ƙirar zuwa ɗaya ko biyu. Wannan ƙidaya ta fi "ina jin na inganta" amfani, kuma mutum na iya yin ta shi kaɗai ba malami.

Sai dai kada a ɗora wa wannan hanya abin da ba za ta iya ɗauka ba. Kalmomi kashi ɗaya ne cikin huɗu. Wanda ke da 6 a duka ma'aunai huɗu, ya ɗaga na kalmomi kaɗai zuwa 7, matsakaicinsa ya zama 6.25, kuma wannan ba lallai ya kai shi inda yake so ba. Abin da ke taimakawa shi ne gyaran ƙira yana rage kurakuran da ke ɓata jimloli, wanda ke shafar makin nahawu, kuma wanda ba ya tsayawa neman abokin kalma yana samun mintunan da zai tsara hujjarsa. Amma muƙalar da ba ta amsa tambayar ba, ko wadda ba ta da matsayi bayyananne, haɗe-haɗe masu kyau ba za su cece ta ba. Ƴar baffana ta sami 6.5 ɗinta a zama na biyu, kuma a cikin watannin nan ta gyara yadda take buɗe muƙala da yadda take raba sakin layi, don haka ba zan ce littafin dangi ne kaɗai ya yi aikin ba.

Haɗari na biyu shi ne a mayar da haɗe-haɗen su ma wani sabon jeri. Akwai takardu da ke yawo a waya masu ɗauke da dogayen jimlolin buɗewa da rufewa da aka ce suna kawo maki 8, irin waɗanda za a iya liƙa wa kowace tambaya. Masu gyara an horar da su gane abin da aka haddace, kuma ba sa lissafa shi a matsayin harshen ɗalibi. Alamarsa a bayyane take: jimla ɗaya sumul kamar daga littafi, ta gaba da ita tana ɗingishi. Haɗin da ke da amfani gajere ne, kalma biyu ko uku, wanda ke shiga cikin jimlar da mutum ya gina da kansa a kan tambayar da ke gabansa. Akwai kuma maganar salo, wadda ma'aunin ya ambata tare da haɗi. *Get a job* daidai ne, ba laifi a hira, amma a muƙala *find employment* ko *secure a job* sun fi dacewa, kamar dai yadda ba na karanta labaran ƙarfe takwas da Hausar da nake ciniki da ita a kasuwar Katako.

A ɗakin jarrabawa ba ƙamus, kuma dole wani lokaci a zo kan sunan da aka manta abokinsa. Abin da na gaya mata shi ne ta sauka zuwa aikatau ɗin da ba ta shakka a kansa, ko da ya yi mata kama da na ƴan aji ɗaya. In *conduct* ta ɓace, *do research* daidai ne. In ba ta tuna abin da ke raka *damage* ba, gida na kusa yana da *harm*, wadda ke aiki a matsayin aikatau ita kaɗai: *unemployment harms the economy*. Mintuna ukun ƙarshe kuma na bin ƙarshen kalmomi ne da ƙananan haruffa, daga jimlar ƙarshe zuwa ta farko, domin idan aka karanta daga sama ido yana bin ma'ana ne ya tsallake *economic* ɗin da ke zaune a kujerar *economy*.